Silif ya fito da sunan makaranta, amma ta wace ƙofa yarinya za ta shiga?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar malamai da iyayen da suka riga ni ganin wannan lamari. 'Yata za ta rubuta jarrabawar JAMB ranar Asabar mai zuwa, kuma mun fitar da silif ɗinta a kafe, inda aka rubuta cewa ta isa santa da ƙarfe 6:30 na safe. Mu a Rikkos muke zaune, santar kuwa tana cikin wata makarantar kuɗi ce a ɓangaren Bukuru. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na ambaci sunan makarantar, maƙwabciyata ta ce ta san ta a cikin gari, mai kafen kuma ya ce sam, tana can gaba da Dadin Kowa. Mahaifinta ya yi tafiya, ni ce zan raka ta. Shin ya wajaba in kashe kuɗin mota in je kafin ranar, ko kuwa adireshin da ke kan silif ya wadatar?

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam Mama. A ganina ba sai kin wahalar da kanki ba. Ki buɗe Google Maps a wayarki, ki rubuta sunan makarantar kamar yadda yake a silif, zai nuna miki inda take, da hanyar da za ki bi, har da mintunan da tafiyar za ta ɗauka. Ni da shi na gano tawa santar a shekarar da na rubuta, kuma ban sha wata wahala ba.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe ina raka ɗalibaina wuraren jarrabawa a Jos da kewaye, kuma amsata ita ce ki je, ki kuma tafi da yarinyar. Mai yiwuwa ne maƙwabciyarki da mai kafe duk gaskiya suka faɗa, domin makarantun kuɗi da yawa a garin nan sun fara ne da firamare a cikin gari, da suka bunƙasa sai suka sayi fili a bayan gari suka gina sakandare, kuma suna ɗaya suke amfani da shi a wuraren biyu. Ɗakin kwamfutar da JAMB ta amince da shi a ɗaya daga cikinsu yake, galibi a inda ake da filin da zai ɗauki mutum 250 a zama guda tare da janareta.

Ko manyan makarantun gwamnati haka suke. Wanda aka ce masa ya je Jami'ar Jos ba a gaya masa komai ba tukuna, domin akwai harabar titin Bauchi, akwai mazaunin dindindin na Naraguta, akwai kuma tsohuwar harabar cikin gari a titin Murtala Muhammad. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Filato tana da haraba a Jos, babbar harabarta kuma tana Barikin Ladi, kuma wanda ya kuskure tsakanin waɗannan biyun ba gyaran mintuna goma zai yi ba. Har asibitin koyarwa ma, idan kika ce wa mai keke JUTH, sai ya tambaye ki tsohon na kusa da Taminus ko sabon na Lamingo.

Saboda haka abin da za ki je nema ba makarantar ba ce kawai. Ƙofar da za a tara yara a jera su a duba yatsunsu ita ce kike nema, kuma ita ce silif ba ya faɗa.

Ɗan Gangare:
Malam, ban ƙi maganarka ba, amma ai taswirar tana nuna rassa daban-daban idan makaranta tana da su. Mutum zai iya kwatanta sunan titin da ke silif da wanda ke kan waya ya gane wanne ne daidai.

Malam Mai Alli:
Haka ne ɗana, kuma wannan kwatancen shi ne matakin farko, ban ce a bar shi ba. Sai dai taswirar tana da iyaka guda biyu da suka shafi wannan al'amari. Ta farko, alamar da take sakawa wani mutum ne ya ɗora ta, wani lokaci a tsakiyar filin makarantar, wani lokaci a tsohon ginin da aka bari tun shekaru, kuma ba ta san wace ƙofa ce a buɗe ranar Asabar da asuba ba. Za ta kai ka jikin katanga ta ce ka iso, alhali ƙofar tana ɗaya ɓangaren. Ta biyu, mintunan da take lissafawa na wanda ke cikin motarsa ne, ba ta san za ka tsaya a Taminus kana jiran tasi ta cika ba, ba ta kuma san yawan mutanen da za su fito neman abin hawa a wannan safiyar ba. Amfaninta na gaske yana zuwa ne bayan ka je: ka tsaya a bakin ainihin ƙofar, ka danna wurin a kan taswira ka ajiye alamarka, sannan ka tura wa wanda zai kawo ku. A nan kam ba ta da na biyu.

Baban Sadik:
Ni dai ban ga abin tayar da hankali ba. 'Ya'yana uku sun yi WAEC da NECO, kuma babu wanda na taɓa zuwa duba masa wuri. Makaranta ce ke kula da komai, malamai su ne suka san ajin da za a zauna. Hajiya ta kira shugaban makarantar yarinyar kawai, ai haƙƙinsu ne tunda an biya kuɗi.

Anti Nas:
Baban Sadik, ina ganin jarrabawa biyu ne suka haɗe maka. WAEC da NECO na 'yan aji shida a makarantar yaro ake yin su, shi ya sa ba ka taɓa buƙatar neman wuri ba. JAMB kuwa tun 2015 da kwamfuta ake yin ta baki ɗaya, kuma lokacin rajista gari kawai ɗalibi yake zaɓa, hukumar ce ke tura shi santar da ta ga dama a cikin wannan yankin. Shugaban makarantar Hanifa ba shi da hannu a ciki, wataƙila ma bai taɓa taka wurin ba. Haka masu rubuta WAEC ko NECO ta masu zaman kansu suke, da yaran firamare masu jarrabawar shiga makarantun tarayya, duk wuraren da ba su saba da su ba ake kai su.

Bari in ba ku labarin ƙanena, ko da zai amfani wani. An tura shi wata babbar makaranta wadda kowa ya san ƙofarta ta bakin titi, kuma ya isa da wuri ƙwarai, gari bai gama wayewa ba. Ya tarar da yara kusan ashirin a tsaye riƙe da silif, sai hankalinsa ya kwanta ya bi sahunsu. Ashe dukkansu a ƙofar da ba ita ba suke, kowa yana ganin tsayuwar ɗan'uwansa a matsayin shaida. Ƙofar a kulle take, maigadin kuma ba ya nan, domin an mayar da shi can inda ake aikin. Sai da wata mai sayar da ƙosai ta fito ta ce musu masu jarrabawa ta baya suke shiga, sannan suka kwasa a guje suna zagaya katanga. Ya samu shiga, amma ya zauna gaban kwamfuta yana haki, zufa ta jiƙa masa hannu har sai da aka sa ya goge yatsansa ya sake dangwalawa kafin na'urar ta karɓe shi. Ya gaya mini cewa tambayoyin Turanci na farko bai san abin da ya karanta ba. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu, wanda ya ɓatar da kwata na farko yana neman nutsuwa ya yi asara babba, ko da ba a rubuta shi cikin waɗanda suka makara ba.

Baban Sadik:
To, na fahimta yanzu, Allah ya saka da alheri. Ban san an raba su haka ba. Ƙaramin nawa badi zai yi, gara da na ji.

Maman Hanifa:
Anti, labarin nan ya sa jikina ya yi sanyi. Malam, na yarda zan je. Amma idan na isa me zan tambaya, kuma wa zan tambaya? Ina tsoron kada a ɗauke ni mai neman a taimaka wa 'yarta ta bayan fage, domin na ji an ce hukumar ba ta son ganin iyaye a wurin.

Malam Mai Alli:
Abin da kika ji gaskiya ne, Hajiya. A 2024 shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya umarci masu santoci da su sa a kama iyayen da aka gani suna kewaya wurin lokacin da ake jarrabawa. Wannan ya shafi yadda za ki yi ziyarar, domin JAMB kwanaki ake ɗauka ana yin ta, kuma mai yiwuwa ranar da za ki je duba wurin wasu yaran suna ciki suna rubutawa. Idan kika tarar da haka, kada ki nemi shiga harabar, kada ki nemi ganin jami'in hukuma ko mai santa, kuma kada ki ɗaga waya kina ɗaukar hoton ƙofa a gaban jami'an tsaro. Ki tsaya daga tsallake ki kalli inda layi yake da inda yara suke fitowa. A gaskiya wannan ma ya fi kowace tambaya amfani, domin da idonki za ki ga tsarin da za a bi ranar taku.

Idan kuwa ba a fara ba, maigadi shi ne mutuminki. Ki gaishe shi da kyau, ki nuna masa silif ɗin, ki bar shi ya ga sunan santar da kansa. Dalilin nuna takardar shi ne, sau da yawa sunan santa ya bambanta da sunan makarantar da take ciki, domin wani kamfani ne ke haya ko gudanar da ɗakin kwamfutar, kuma akwai titunan da santoci biyu suke kusa da juna. Kada ki tambaye shi ko nan ne ake JAMB, domin zai ce e, kuma bai yi ƙarya ba. Ki tambaye shi ta wace ƙofa masu jarrabawa suke shiga, kuma ko wannan ƙofar ce za a buɗe ranar Asabar, tunda tsarin ranar da ɗalibai suke makaranta ya kan bambanta da na ranar hutu. Makarantu da yawa suna ware wa masu jarrabawa ƙofa daban don kada baƙi su cakuɗa da yaransu. Sannan ki tambaye shi inda ake tsayar da motoci da keke, domin wani wurin ana tare layin tun daga bakin titi, sai an sauka an taka.

Bayan haka ki bar maigadin ki sami mutum na biyu, mai shago ko mai shayin da ke kallon ƙofar, ki maimaita masa tambayar. Su ne suka ga yadda aka yi bara da kuma ranar jarrabawar gwaji. Idan maganarsu ta zo ɗaya da ta maigadi, kin samu tabbaci. Idan ta saɓa, to akwai abin da ya canza, sai ki nemi ofishin makarantar ki tambaya cikin ladabi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne dalilin da na ce ki tafi da ita: ki bar Hanifa ta shige gaba daga inda kuka sauka har bakin ƙofar, ke kina biye. Ranar jarrabawa ba za ta shiga da waya ba, ba agogo, ba jaka, kuma ke ba za a bar ki kusa ba. Dole hanyar ta zauna a kanta, ta kuma san takamaiman wurin da za ta same ki idan ta fito, wurin da yake nesa da ƙofar amma ba ya ɓata, kamar gidan mai ko masallaci.

Mai Keke na Farin Gada:
Salamu alaikum. Ni sana'ata tuƙin keke, kuma duk lokacin jarrabawa ina ɗaukar yaran nan, don haka bari in faɗi abin da yake ba mu wahala. Yaro zai shigo ya miƙo takarda ya ce a kai shi nan, mu kuwa ba da sunan titi ko lambar fili muke sanin wuri ba, da kwana da alama muke sani. Idan Hajiya ta je, ta tambayi masu keken da ke tsaye a bakin wannan layin yadda suke kiran wurin a tsakaninsu, ta rubuta shi a bayan wata takarda daban. Da wannan sunan kowane direba zai kai ta ba tare da tsayawa tambaya ba.

Na biyu, tunda an hana acaɓa a cikin Jos, babu wanda zai tsinke da ke cikin lungu idan lokaci ya ƙure. Kuma kada ta ɗauka za ta fito ƙarfe biyar ta sami keke a Rikkos kamar da rana. Mu da yawa sai bayan sallar asuba muke fitowa, sannan dokar lokacin da aka yarda keke ya yi aiki takan canza gwargwadon halin da gari yake ciki. Shawarata ita ce ta yi magana da direban da ta sani tun yanzu, su yanke kuɗi, ya zo ƙofar gida ya ɗauke su. Idan da hali ma shi ne zai kai su duba wurin, domin ya ga ƙofar da idonsa.

Ɗan Gangare:
Ina da ƙari ɗaya. Ko an makara ba ƙarshen duniya ba ne, domin a 2025 JAMB ta sake shirya wata jarrabawar daga baya har da waɗanda ba su samu zuwa ba. Don haka Mama ta kwantar da hankalinta.

Malam Mai Alli:
An yi hakan a 2025, amma shekara ce da aka samu matsalar na'ura mai girma har hukumar ta fito ta nemi afuwa, kuma sassauci ne ta yi na wannan lokacin. Ba alkawari ba ne da aka ɗaukar wa kowa a kowace shekara. Ni ba zan gina shirin yarinya a kan wannan ba. Wanda aka rufe tantancewa bai iso ba, zaman da ke biye na wasu mutum 250 ne masu sunayensu da kujerunsu, kuma jami'in da ke wurin ba shi da ikon cusa shi ciki ko da ya tausaya masa.

Maman Hanifa:
Jama'a, mun je yau da safe ni da Hanifa, kuma ga abin da muka tarar, ko zai amfani wasu. Maƙwabciyata ta yi gaskiya, akwai firamarensu a cikin gari, amma santar tana sakandaren da ke ɓangaren Bukuru. Mun hau keke daga gida zuwa Taminus, muka shiga tasin Bukuru, muka sauka a bakin titi inda allon makarantar yake. Babbar ƙofar tana nan kusa, mai fenti da rumfar maigadi, duk wanda ya gan ta zai ce ita ce. Da na nuna wa maigadin silif, sai ya ce masu JAMB ba ta nan suke shiga ba, kuma ranar Asabar ma a kulle take. Ya nuna mana wani layi marar kwalta da ya bi gefen katanga, ya ce mu bi shi har ƙarshe mu karya hagu, za mu ga ƙaramar ƙofar ƙarfe kusa da ɗakin janareta. Babu allo a jikinta ko kaɗan. Tafiyar ta ɗauke mu minti goma sha biyu a ƙafa, kuma akwai wani kwari a tsakiya da na tabbata idan aka yi ruwa da daddare keke ba zai ratsa ba. Wani mai shago da ke fuskantar ƙofar ya tabbatar mana cewa nan aka yi layi ranar jarrabawar gwaji, ya kuma ce jami'an tsaro sukan tsayar da abin hawa tun daga bakin layin.

Tun daga gida har ƙaramar ƙofar mun ci awa ɗaya da minti goma, har da jiran tasi ta cika. Malam, yaya zan lissafa lokacin fita ranar Asabar?

Malam Mai Alli:
Madalla Hajiya, kin yi aikin yadda ya kamata. Daga ƙarshe ake fara lissafin a dawo baya. Silif ya ce 6:30, to ki sa a ranki cewa da ƙarfe 6:15 tana tsaye a ƙaramar ƙofar. Tunda an ce ana tsayar da abin hawa a bakin layi, ki cire minti goma sha biyar na tafiyar ƙafa, domin da duhu-duhu da taɓo ba za ku yi saurin da kuka yi yau ba. Ke nan ƙarfe 6:00 kuna sauka a bakin titi. Abin da kuka ci a mota yau kusan awa guda ne, amma a ciki akwai jiran tasi da cunkoson ranar aiki. Idan shatar mota kuka yi daga ƙofar gida, tazarar Jos zuwa Bukuru ba ta wuce kimanin kilomita 15 ba, kuma da asubar Asabar titi a buɗe yake, don haka minti talatin da biyar zai isa, ki ƙara goma saboda shingen bincike ko wata tangarɗa. Wannan ya kai ki ga fita da ƙarfe 5:15. Idan kuwa motar haya za ku bi, ba zan iya ba ki lokacin da zan tsaya a kansa ba, domin ba a san sa'ar da tasin farko zai cika ba, kuma tsayuwar mace da budurwa a Taminus kafin gari ya waye ba abin da zan ba da shawara ba ne.

Game da 6:30 ɗin, a 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce a kansa, hukumar ta bayyana cewa lokacin tantancewa ne, jarrabawar kanta sai ƙarfe 8:00. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin izinin zuwa bakwai da rabi. Kada ki bi su. Mutum 250 ake dubawa ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda yatsansa ya ƙi karɓuwa yana buƙatar lokacin sake gwadawa. Abin da aka rubuta a silif ɗinta na bana shi ne abin bi, ba abin da aka yi wa wani a wata shekara ba.

Sannan ranar Juma'a da yamma ki koma kafe, ko ki shiga jamb.gov.ng da lambar rajistarta, ki sake buɗe silif ɗin ki kwatanta santa da rana da lokaci da wanda ke hannunki. Yakan faru a dakatar da wata santa saboda matsalar na'ura a mayar da yaranta wani wuri. Ki kuma duba saƙonnin layin wayar da aka yi rajista da shi. Ki buga kwafi biyu, ki sa su a leda saboda ruwan farkon damina.

Hajiya Kaka:
Ni tsohuwa ce, amma ina da magana. Fita ƙarfe biyar da kwata daga Rikkos zuwa Bukuru da yarinya, mahaifinta ba ya gari, bai kwanta mini ba. Ba ku da dangi ko aminai a Bukuru ko Dadin Kowa? Ku je ku kwana can ranar Juma'a, da safe ku yi sallah a natse ku taka. Haka muka yi wa jikata, kuma ba mu yi nadama ba.

Anti Nas:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, shawararki tana da ƙarfi ta fuskar tsaro, amma ina da ja kaɗan. Yarinyar da ta kwana a baƙon gida, a ɗakin da yara suka cika, ga fargabar jarrabawa, sau da yawa ba ta samun barci. Na ga waɗanda suka iso da wuri amma idanunsu jajir. Idan akwai amintaccen direba, ni na fi son ta kwana a shimfiɗarta. Kuma idan aka zaɓi kwana a can, to lissafin Malam ya rushe, sai an sake auna hanya daga gidan da aka sauka zuwa ƙaramar ƙofar, domin kusa a baki ba kusa ba ne a ƙafa, kuma mai masauki zai iya kai su babbar ƙofar da ya sani da zuciya ɗaya.

Hajiya Kaka:
Barci ana rama shi, 'yata. Ni dai hanyar asuba ce ba na so, musamman idan aka wayi gari da wata sanarwa ta hana zirga-zirga, abin da duk mazaunin Jos ya san yana iya faruwa.

Malam Mai Alli:
Duka maganganun biyu suna da hujja, kuma ba zan yanke wa Maman Hanifa hukunci a kan gidan da ban sani ba. Abin da zan ce kawai shi ne ta saurari labaran rediyo ranar Juma'a da daddare, kuma ta riƙe gidan Bukuru a matsayin shiri na biyu idan akwai shi, ta sanar da su tun yanzu.

Maman Hanifa:
Akwai ƙanwar mahaifinta a Bukuru, zan kira ta yau in ji yadda gidan yake, sannan in yi shawara da shi ta waya. Sauran abu ɗaya da bai warware mini ba shi ne inda zan jira ta. Mai shagon ya ce yana buɗewa ƙarfe bakwai kuma zan iya zama a bencinsa, amma shagon yana fuskantar ƙofar kai tsaye.

Mai Keke na Farin Gada:
Hajiya, kada ki zauna a nan, ya yi kusa da yawa, kuma nan ne jami'ai suke fara kora. Ki koma bakin babban titi inda kuka sauka, ki zaɓi wuri ɗaya ki nuna mata shi da hannu kafin ku rabu. Ki kuma ba ta kuɗin keke a hannunta, ki sa ta haddace lambar wayarki, domin ko an tashe ki daga wurin za ta iya aron wayar wani ta kira ki idan ta fito.